Yadda ake yi da ɗan ciwon ƙafa idan mai ciwon suga ya zo Umara

Goggona ta zo Umara lokacin zafi, shekararta goma sha biyu da ciwon suga. Ranar da ta fito daga Harami bayan Azahar ta nemi takalminta ta rasa, sai ta tako kwalta da ƙafa har masaukinta a Misfala. Ba ta ji komai ba. Kwana biyu bayan nan, matata na haɗa wanki ta ga tabon ruwa-ruwa mai jini a safarta. Muka ɗaga ƙafar, ga bororo ya fashe a ƙarƙashin babban yatsa, faɗinsa bai kai riyal na ƙarfe ba.

"Ɗan nan, rabu da shi, ai ko zafi ba ya yi," in ji ta.

Rashin zafin nan shi ya tayar mini da hankali. Suga idan ya daɗe yana hawa yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai mutum ya yi ta taka ciwo bai sani ba. Yana kuma ƙuntata hanyoyin jini, ga shi yana raunana garkuwar jiki. Saboda haka ciwon da zai kame a mako guda a ƙafar mai lafiya, a ƙafar mai suga yakan zurfafa ya zama gyambo, har ya kai ƙashi.

Da farko a sauke ƙafar daga aiki. Wannan ya fi wuya a Makka, domin kowa ya zo ne da niyyar kada jam'i ya wuce shi. Amma sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3, kuma kowane taku yana murza ciwon. Idan akwai sauran ɗawafi ko sa'ayi, a nemi arabiyya, wato keken marasa lafiya, a tura mutum.

Sai wanki. Wanke hannunka da sabulu, ka zuba wa ciwon ruwan gishirin asibiti, wanda kowace saidaliyya, wato kantin magani, ke sayarwa, ko ruwa mai tsabta wanda ba zafi. Kada a jiƙa ƙafar cikin roba, fata na yin laushi ta ƙara buɗewa. Gashi da ruwan zafi kuwa, ƙafar da ba ta ji za ta ƙone mai ita na murmushi. A tsane a hankali har tsakanin yatsu, a rufe da bandeji mai tsabta ba tare da an ɗaure tamau ba. In bororon bai fashe ba, kada a huda shi, kuma kada a sa reza a kanta ko kaushin da ke gefe. Goggo ta nemi man zafi da lalle, na hana. Lalle ma rufe launin fata yake yi, alhali launin ne za mu duba.

Ɗauki biro ka zagaye iyakar jan da ke kewaye da ciwon, ka ɗauki hoto da waya. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka duba inda ya yi duhu ko sheƙi, ka kuma ɗora bayan hannunka a ƙafafun biyu ka ji ko ɗaya ta fi zafi. A auna suga. Na Goggo ya haura 300 alhali ba ta sauya cima ba, wanda sau da yawa alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga.

Likita ya ga ciwon cikin awa 24, komai ƙanƙantarsa. Ba a jira a koma gida. Idan kuwa ja ko kumburi ya tsallake layin biron, ko ya wuce santimita 2 daga bakin ciwon, ko akwai mugunya, wari, zazzaɓi, ko yatsa ya yi baƙi ko sanyi, a wannan daren za a tafi sashen gaggawa. Lambar motar asibiti a Saudiyya `997`, ta neman shawarar Ma'aikatar Lafiya kuma `937`. A tafi da magungunan suga duka, kuma kada a fara shan kafso da ka.

A mustashfa, wato asibiti, likita ya taɓa bugun jini a bayan ƙafarta, ya dinga dangwala mata wani siririn zare a tafin ƙafa idonta a rufe. Wurare da dama ba ta ji ba. Ya kankare matacciyar fatar gefen ciwon, ya zura ɗan ƙarfe don ya ji ko ya taɓo ƙashi. Bai taɓo ba. Aka ba ta maganin ƙwayoyin cuta, aka yi mata allurar tetanus, aka gyara mata awon insulin.

Sauran sallolinta a kan arabiyya ta yi su, tana ta mita. Kullum da dare matata na duba tafin ƙafafunta biyu da fitilar waya, takalminta kuma yanzu a 'yar jaka yake, rataye a kafaɗarta har cikin Harami.