Kurakuran da malamai ke yi a takardar neman hutun jinyar iyaye

Wallahi na gaji da gyara wa matasan malamai takardar neman hutu ba albashi, kullum kurakuran iri ɗaya ne.

Babbansu shi ne tafiya kafin amsa ta fito a rubuce. Ni kaina na taɓa faɗawa. Lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba na rubuta ina neman wata biyu, na miƙa wa hedimasta, ya ce "Malam je ka kawai, Allah ya ba shi lafiya, zan tura." Na tafi da zuciya ɗaya. Ashe takardar na cikin durowarsa har sati uku, masu duba makarantu suka zo suka ga ba sa hannuna a rajistar zuwa aiki, aka rubuta ni a wanda ya gudu daga aiki, ina asibiti riƙe da robar fitsari aka kira ni wai in zo in amsa takardar tuhuma. Hedimasta ba shi da ikon ba ka wata biyu, nasa kawai ya sa hannu ya tura gaba. In firamare kake, takardar sunan sakataren ilimi na ƙaramar hukuma za ta ɗauka, ta hannun hedimasta. Ni yanzu kwafi uku nake yi, da ƙafata nake kaiwa ofis, a buga min hatimi da kwanan wata a kan nawa in adana.

Na biyu, haba malamai, meye "zan ɗan yi kamar wata biyu"? Sa rana. Daga 5 ga Janairu zuwa 4 ga Maris, zan dawo aiki 5 ga Maris. Kuma ka rubuta ƙarara cewa ba albashi kake nema, in ba haka ba kuɗi ya ci gaba da shigowa, ka cinye, daga baya a yi ta yanka a albashinka.

Kar ka cika shafi biyu da labarin ciwo. Layi biyu ya isa: mahaifina ne, likita ya ce sai da mai jinya a kusa, ga takardar asibiti na haɗa. Sa lambar fayil ɗinka da ta waya. Faɗi wanda zai riƙe ajinka da inda ka tsaya a manhaja, amma ka tambaye shi tukuna.

In kana da bashin banki ko adashe, je ka yi magana da su tun kafin albashi ya tsaya, su ba ruwansu da jinya.

Ranar da ka dawo kuma rubuta takardar kama aiki a ranar, hedimasta ya sa hannu, ka bi ta har wurin masu albashi. Wani abokin aikina bai yi ba, wata biyunsa ya zama uku ba ko sisi, yana shiga aji kullum.