Yadda Ake Rubuta Bayanin Ƙasan Hoto Don Mai Sayen Da Ke Nesa

Mai sayen da ya zo gabanku zai ɗaga kwando ya ji nauyinsa, ya juya gindinsa ya duba saƙar. Wanda ke wata ƙasa ba shi da wannan damar. Hoto kawai gare shi, da 'yan layukan da kuka rubuta a ƙasa. Saboda haka aikin bayanin shi ne ya faɗa masa abin da hannunsa zai gano da a ce ya taɓa kayan. Bari mu ɗauki kwandon kaba da wata ƙungiyar mata ke saƙawa, mu bi shi daki-daki.

Da farko, ku fara da sunan kayan da girmansa. Instagram kan nuna haruffa kusan 125 ne kafin ya ɓoye sauran, don haka kada doguwar gaisuwa ta cinye wurin. "Kwandon kaba saƙar hannu, faɗi santimita 40, tsayi 30" ya wadatar. Ku auna da tef, domin hoto yana yaudarar ido, ƙaramin kwando sai ya fito kamar na wanki. Ku kuma faɗi cewa aikin hannu ne, ana iya samun bambancin santimita ɗaya ko biyu tsakanin kwando da ɗan'uwansa.

Na biyu, abin da aka yi shi da shi. A nan ake yawan zamewa. Kalmar "mai inganci" ba ta gaya wa kowa komai. Ku ce kaba ce busasshiya, hannun kuma fata ce jemammiya. Idan launin na garin rini ne da aka sayo, kada ku kira shi na itatuwa, don wasu masu sayen saboda wannan kalmar kaɗai suke biya, kuma ranar da suka gane sun tafi ke nan. Ku jiƙa farin ƙyalle ku goga a jikin kwandon. In launi ya kama ƙyallen, to yana zuba, sai ku rubuta cewa a nisanta shi da ruwa da fararen kaya.

Na uku, yadda aka yi shi. Jimla biyu ko uku sun isa: an tsaga kabar, an rina, an shanya, mace ɗaya ta saƙa cikin kwana huɗu. Yawan kwanakin ne ke sa mai saye ya fahimci farashin. A ganina, labaran tausayi ba su da amfani a nan, wanda ya saya don tausayi sau ɗaya yake saye. Sunan masaƙiya ko hotonta kuwa, sai da yardarta.

Na huɗu, aikawa, kuma nan ne ribar ƙungiya kan zurare. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama irin su DHL ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da kwali ya cinye. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000, sai a caje ku a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwalin da yake 40 da 40 da 30 zai ba da kilo 9.6, alhali kwandon da ke ciki ko kilo ɗaya bai kai ba. Shi ya sa ya fi kyau a sayar da kwanduna uku masu shiga cikin juna, a kwali ɗaya. Ku yi wannan lissafin kafin ku rubuta kuɗin aikawa.

A cikin bayanin ku raba kwanakin shirya kaya da kwanakin hanya, domin mai saye yana fara ƙirga ne daga ranar da ya biya. Ku faɗi wanda zai biya kuɗin kwastan, wanda galibi mai karɓa ne. Ƙasashe irin su Ostireliya da New Zealand suna tsananta bincike a kan duk abin da aka yi da tsiro, don haka a takardar kwastan a rubuta ainihin abin da aka saƙa kwandon da shi. Kuma kada a rufe kaba a leda sai ta bushe sarai, in ba haka ba za ta isa da fumfuna.

Ga yadda bayanin zai fito:

"Kwandon kaba saƙar hannu, faɗi santimita 40, tsayi 30, da ƙanana biyu a ciki. Hannun fata ne, launin kuma na garin rini, ba ya son ruwa. Matan ƙungiyarmu ne suka saƙa, babban yana cin kwana huɗu. Muna shirya kaya cikin kwana biyar, mu turo lambar bin sawun kwali. Kuɗin kwastan yana kan mai karɓa. In ya iso a lalace, ku turo hotonsa cikin kwana uku, za mu musanya."

Farashi da hanyar tuntuɓa su zo a layin ƙarshe, a fili, tare da sunan irin kuɗin da kuke nufi.