Darasi: Ko Shida Ta Fito, Ko Ba Ta Fito Ba

Duk wanda ya taɓa wasan lido ya san zaman jiran shida. 'Ya'yanka huɗu suna cikin gida, abokan wasa sun yi nisa, kai kuwa kana ta kaɗa dayis a gwangwani, shida ta ƙi fitowa. A wannan darasi za mu yi amfani da dayis ɗin nan mu koyi ƙa'ida guda ta lissafi: idan aka haɗa yiwuwar faruwar abu da yiwuwar rashin faruwarsa, kullum ɗaya ake samu. Kayan aikinmu dayis biyu ne masu launi daban, da tsakuwa shida, da takarda da fensir. Ba caca muke koyarwa ba, mun zaɓi dayis ne domin komai nasa a fili yake, ana iya ƙirga shi da yatsa.

Yadda ake auna yiwuwa

Ku ɗauki dayis guda ku jujjuya shi. Fuska shida gare shi, an ɗiga musu ɗigo daga 1 zuwa 6. Idan lafiyayye ne, babu gefen da ya fi wani nauyi, to babu fuskar da ta fi 'yar'uwarta damar fitowa. Saboda haka auna yiwuwa ƙirga ce kawai: fuskoki nawa ne za su biya mana bukata, a cikin fuskoki nawa gaba ɗaya?

Mai jiran shida fuska guda ce tak za ta yi masa. Yiwuwar samunsa ɗaya bisa shida ce, ana rubuta ta 1/6. Wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san wannan kaso da sunan sudusi. Abin da ba zai taɓa faruwa ba, kamar a jefa dayis guda bakwai ta fito, yiwuwarsa sifili ce. Abin da babu makawa sai ya faru, kamar fitowar wata lamba tsakanin 1 da 6, yiwuwarsa 6/6 ce, wato ɗaya cif. Ku riƙe wannan da kyau: a lissafin yiwuwa, ɗaya na nufin tabbas, na nufin duka.

Tsibi biyu

Yanzu ku jera tsakuwa shida a ƙasa, kowace ta tsaya a madadin fuska ɗaya. Ku ware tsakuwar shida ku ajiye ta a dama. Sauran biyar ɗin, wato 1, 2, 3, 4 da 5, ku tura su hagu. Tsibin dama shi ne abin da muke jira. Tsibin hagu shi ne kishiyarsa, wato duk hanyoyin da abin zai ƙi faruwa. Dama tana da 1/6, hagu tana da 5/6.

1/6 + 5/6 = 6/6 = 1

Ku mayar da tsakuwoyin wuri guda ku sake rabo. A ce wannan karon muna jiran 5 ko 6. Biyu sun tafi dama, huɗu sun rage a hagu: 2/6 da 4/6, jimla 6/6. Ku sake da 2, 4 da 6: uku da uku, nan ma 6/6. Duk yadda kuka raba, tsakuwa shida kuka fara da su, shida kuma za ku samu idan kun haɗa tsibin biyu.

Dalilin ke nan, kuma ya tsaya a kan sharaɗi biyu. Na farko, babu tsakuwar da take cikin tsibi biyu a lokaci guda, domin jifa ɗaya ba zai zama shida kuma ya zama ba shida ba. Na biyu, babu tsakuwar da aka bari a tsakiya, domin kowane jifa dole ya faɗa ɗayan biyun. Tunda ba a maimaita kowa ba, ba a kuma manta da kowa ba, tsibin biyu sun cinye duk abin da zai iya faruwa, kuma mun riga mun ce duka shi ne ɗaya. Amfanin wannan shi ne, da zarar kun san kason tsibi guda, ba sai kun ƙirga ɗayan ba. Ku cire wanda kuka sani daga ɗaya, abin da ya rage shi ne amsa.

Inda ake tuntuɓe

Akwai maganar da ake yawan ji a aji: “Malam, ai abu biyu ne, ko shida ta fito ko ba ta fito ba, saboda haka rabi da rabi ne.” Tsibi biyu ne, gaskiya, amma ba su kai juna ba. Ɗaya tsakuwa guda ce a cikinsa, ɗayan biyar. Ƙa'idar ta ce jimlarsu ɗaya ce, ba ta ce a raba ɗayan daidai wa daida ba. Wannan kuskure yana bin mutum har wajen aji, a duk inda aka ce “ko a yi ko kada a yi”, shi ya sa nake so a kashe shi tun a nan.

Tuntuɓe na biyu wajen gane kishiya ne. A ce muna jiran lambar da ta wuce huɗu, wato 5 ko 6. Da yawa za su ce kishiyarta ita ce lambar da ba ta kai huɗu ba, wato 1, 2, 3. Mu gwada: 2/6 da 3/6 sun ba da 5/6. Ba su kai ɗaya ba. Ina sudusin da ya ɓace? Huɗu ce da kanta aka bari a tsakiya. Ita ma ba ta wuce huɗu ba, saboda haka wurinta tsibin hagu. Kishiyar gaskiya ita ce 1, 2, 3, 4, wato 4/6.

Ga alamar da za ku riƙa dubawa. Idan jimla ta gaza ɗaya, an manta da wata fuska. Idan ta zarce ɗaya, an ƙirga wata sau biyu. Misali, wani ya sa 3, 4, 5, 6 a dama, ya kuma sa 1, 2, 3 a hagu. Zai samu 7/6, domin uku ta shiga ko'ina.

Dayis biyu: inda ƙa'idar take rage wahala

A wurare da yawa da dayis biyu ake wasan lido, kuma shida ko guda ce ta isa a fitar da ɗa daga gida. To mene ne yiwuwar samun shida aƙalla guda a jifa ɗaya?

Mu fara da sanin duka. A ce dayis ɗaya ja ne, ɗayan fari. Kowace fuska ta jan tana iya haɗuwa da kowace fuska shida ta farin, saboda haka haɗuwa 6 sau 6 ce, wato 36. A lura, ja 2 da fari 5 daban yake da ja 5 da fari 2, shi ya sa muka nemi launi biyu. Ku zana gidaje 36 a takarda, layi shida a kwance don jan, shida a tsaye don farin. Kowane gida haɗuwa ɗaya ce.

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce: sudusi daga ja, sudusi daga fari, a haɗa a samu 2/6, wato 12/36. Ta yi kusa, amma ba daidai ba ce. Mu bi ta bayan gida, mu tambayi kishiya. Kishiyar “aƙalla shida guda” ita ce “babu shida ko ɗaya”. Don haka ta faru, jan yana da fuska biyar da zai iya nunawa, farin ma biyar. Biyar sau biyar 25. Yiwuwar rashin shida 25/36 ce. Sai mu cire daga ɗaya, wato daga 36/36:

36/36 − 25/36 = 11/36

Kada ku karɓa don na faɗa, ku koma kan zanenku. Ku sa alama a duk gidan da ke da shida. Ja 6 tare da fari 1 zuwa 5, gida biyar. Fari 6 tare da ja 1 zuwa 5, wasu biyar. Sai gidan kusurwa, inda duka biyun suka nuna shida, guda ɗaya. Goma sha ɗaya ke nan. Mai cewa 12 wannan gidan kusurwa ya ƙirga sau biyu, sau ɗaya da sunan ja, sau ɗaya da sunan fari. Da ya gwada amsarsa da ƙa'idarmu, da ya ga 12 da 25 sun ba da 37 a cikin gida 36, ya san akwai gyara.

Sha ɗaya cikin 36 bai kai sulusi ba, ya gaza kaɗan. Wato a jifa ɗari, wajen 31 ne ake sa ran za su zo da shida, wajen 69 kuwa babu. Wannan ba alkawari ba ne a kan jifa ɗarin da za ku yi yau, yana iya hawa ko sauka, sai jifa ya yi yawa ƙwarai kason yake matsowa kusa da lissafi. Amma ya nuna cewa mai zaman jiran shida ba rashin sa'a ce ta same shi shi kaɗai ba, fiye da kashi biyu cikin uku na jifa haka suke zuwa wa kowa.

Wani zai tambaya: idan dayis ɗin ya guntule a gefe, ko an yi masa ha'inci fa? A nan 1/6 ta rushe, domin fuskokin ba su da dama iri ɗaya. Ƙa'idar jimla kuwa tana nan daram. A ce an jefa irin wannan dayis sau 60, shida ta fito sau 20. Babu shakka sauran jifa 40 ba shida ba ne, kuma 20/60 da 40/60 ɗaya suke bayarwa. Ƙa'idar ba ta dogara da lafiyar dayis ba, ta dogara ne da sharuɗɗan nan biyu na tsibi.

Aikin yi

Ku zauna bibbiyu, ɗaya ya yi lissafi, ɗayan ya duba da tsakuwa ko da zanen gidaje 36.

1. An jefa dayis guda. Rubuta fuskokin da suke kishiyar “lambar da ba ta kai uku ba”, sannan ka haɗa kason biyun.
2. Wata ɗaliba ta ce yiwuwar fitowar 1 ko 2 ita ce 2/6, kishiyarta kuma 3/6. Ba tare da taɓa dayis ba, ta yaya za a gane akwai kuskure?
3. An jefa dayis biyu. A gida nawa ne ja da fari suka nuna lamba iri ɗaya? Yi amfani da amsarka ka nemo yiwuwar su nuna lambobi daban.
4. Ku jefa dayis biyu sau 36, ku riƙa jan layi a dama idan shida ta fito, a hagu idan babu. Ku kawo takardar aji na gaba, za mu haɗa na kowa da kowa mu gwada da 11/36.

Amsoshi: na ɗaya, 3, 4, 5, 6, kuma 2/6 da 4/6 sun ba da ɗaya. Na biyu, jimlarta 5/6 ce, ta manta da fuska guda. Na uku, gida shida ne, saura 30/36, wato 5/6.