Yadda za ka zaɓi salon rubutu na tambarin sabon shagonka

Mu ɗauka ka kama shagon kayan waya a Kasuwar Barci, ka raɗa masa suna Ƙwarai.

Da farko, shiga Google Fonts, shafin salon rubutu a intanet, ka ware salo uku kacal, marasa ƙawa a bakin haruffa, misali Noto Sans, Inter da Montserrat. Kyauta ne, an yarda a yi kasuwanci da su. Rubutu mai lanƙwasa kamar na katin biki, bar wa amare.

Sai ka rubuta sunan shagon a kowanne, ka zuba wa Ƙ ido. Nan ake yin tuntuɓe. Salo da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ta liƙa, ka ga Ƙ ya fi 'yan uwansa siranta, ko ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Mai wucewa zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Noto Sans na da waɗannan haruffa duka. Sauran sai ka gwada.

Daga nan ka zaɓi kauri, Medium ko SemiBold. Siriri ɓacewa yake a allon shago, balle in ƙurar hunturu ta hau.

Buga shi baƙi a farar takarda, ka manna a ƙofar shago, ka tsallaka titi ka karanta. Ka kuma ƙanƙanta shi kamar hoton WhatsApp.

In za ka kai wa mai buga allo, kai masa PDF, don injinsa kada ya musanya salon.