Yadda ake lissafa ƙarfin sauro na yaɗa cuta da lambar R0

A ɗauka akwai mutum ɗaya mai ɗauke da ƙwayar zazzabin cizon sauro a jininsa, ya kwana dare ɗaya a cikin jama'a. Duk sauron da ya cije shi a wannan dare, cizo nawa mai sa cuta zai kai wa wasu mutane kafin sauron ya mutu? Amsar wannan tambaya ita ce ƙarfin sauro na yaɗa cuta, ana rubuta shi da harafin C. Garrett-Jones ne ya fito da shi a 1964, ya ciro shi daga lissafin da George Macdonald ya gina a shekarun 1950 a kan aikin Ronald Ross. R0 kuwa tana faɗin mutum nawa ne za su kamu daga wannan mutum ɗaya a duk tsawon lokacin da yake ɗauke da cutar, idan babu mai garkuwar jiki a cikin jama'ar. In ta haura 1 cuta za ta yaɗu, in ta gaza 1 za ta mutu da kanta.

```
C  = (m × a^2 × p^n) / (−ln p)
R0 = (C × b × c) / r
```

Za mu bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da misalin maleriya. Alƙaluman misali ne da aka zaɓa don koyon lissafi, amma sun yi kama da abin da ake iya samu a wurin da cutar ta yi kaka-gida.

Mataki na farko: cizo nawa mutum yake sha

Harafin m shi ne yawan matan sauro a kan kowane mutum, domin mace ce kaɗai ke shan jini. Harafin a kuma sau nawa macen sauro ɗaya take cizon mutum a rana. Ba wanda yake ƙirga m kai tsaye. Abin da ake aunawa shi ne m × a a haɗe, wato cizon da mutum ɗaya yake sha a dare. Ana samunsa ta hanyar zaunar da ma'aikata da ƙafafu a buɗe daga magariba zuwa asuba, suna kama duk sauron da ya sauka a jikinsu da bututun tsotsa, ko kuma a rataya tarko mai fitila kusa da wanda yake barci cikin gidan sauro. A raba jimillar sauron da aka kama da yawan masu kamu da yawan darare. A misalinmu m × a = 10.

Mataki na biyu: a shi kaɗai

A tara sauron da ya ƙoshi da jini, a gwada jinin cikinsa a ga na mutum ne ko na dabba. A ce kashi 90 cikin 100 na mutum ne, wato 0.9. Sai a raba da kwanakin da ke tsakanin shan jini da shan jini, domin macen sauro takan sha jini, ta huta ƙwai ya nuna, ta saka, sannan ta dawo. In kwana 3 ne, a = 0.9 ÷ 3 = 0.3.

A nan masu koyo suke yawan tuntuɓe. Suna ɗaukar 10 ɗin nan a matsayin m, su ninka da a sau biyu. Amma 10 ta riga ta haɗiye a guda ɗaya, saura ɗaya kawai: m × a² = 10 × 0.3 = 3. Dalilin zuwan a sau biyu shi ne dole sauro ya ciji mutum sau biyu kafin cuta ta tsallaka, cizon ɗauka da cizon sakawa. Shi ya sa sauron da ke raba cizonsa tsakanin mutane da shanu bai kai wanda ya nace wa mutum haɗari ba, ko da ya ɗan fi shi yawa.

Mataki na uku: p, inda ya kamata a ɓata lokaci

Harafin p shi ne damar da sauro yake da ita ta ya rayu daga yau zuwa gobe. Ana gano ta ne daga jakar ƙwan macen sauro. A feɗe ta a kan gilashi, a ciro jakar ƙwan, a bar ta ta bushe, a duba da madubin likita. Wadda ba ta taɓa saka ƙwai ba, siraran jijiyoyin iska na jakar suna nan a naɗe kamar ƙullin zare. Wadda ta taɓa sakawa kuwa sun warware, kuma ba sa sake naɗewa. Wannan ita ce hanyar Detinova. A ce cikin sauro 200 da aka feɗe, 146 sun taɓa saka ƙwai, wato 0.73. Wannan kason yana nuna waɗanda suka rayu tsawon zagaye ɗaya na kwana 3, don haka p ita ce lambar da in aka ninka ta da kanta sau uku za ta ba da 0.73:

```
p = 0.73^(1/3) ≈ 0.9
```

Daga p ake samun matsakaicin kwanakin da suka rage wa sauro a duniya, wato 1 ÷ (−ln p). A danna 0.9 a kalkuleta, a danna ln, za ta ba da −0.105. Ɗaya a raba da 0.105 ya zama kwana 9.5.

Mataki na huɗu: n

Sauron da ya sha jini mai ƙwayar cuta ba ya iya sa wa kowa nan take. Sai ƙwayar ta girma a bangon cikinsa, ta fashe, ta kai ga yawunsa. Kwanakin da hakan yake ci su ne n, kuma zafi ne yake juya su. Ga falsifaram, ɗaya daga cikin nau'o'in ƙwayar maleriya, tsohon lissafin da aka fi amfani da shi shi ne a cire 16 daga matsakaicin ma'aunin zafi na Salsiyas, a raba 111 da abin da ya rage. A zafi 26, 111 ÷ 10 ya ba da kwana 11. To, sauro nawa ne zai ga ƙarshen kwana 11? 0.9^11 = 0.31. Kusan biyu cikin uku sun mutu da ƙwayar a cikinsu ba tare da sun sa wa kowa ba.

A haɗa

```
C = (3 × 0.314) / 0.1054 ≈ 8.9
```

A karanta shi kamar labari. Sauro 10 sun ciji mai cutar a dare ɗaya. Kimanin 3 ne suka rayu har ƙwayar ta isa yawu. Kowannensu yana da kwana 9.5 a gaba, yana cizon mutum sau 0.3 a rana, kusan cizo 3 ke nan. Uku sau uku, kusan cizo 9 daga dare ɗaya.

Sai dai C ta ɗauka kowane cizo yana kamawa, kuma ba haka abin yake ba. Nan R0 take shigo da ɓangaren ɗan Adam. Ƙaramin harafin c shi ne damar sauro ya ɗauki ƙwayar in ya ciji mai cuta, b damar mutum ya kamu in sauro mai ƙwaya ya cije shi, 1 ÷ r kuma kwanakin da mutum yake yi yana iya ba wa sauro cutar. Mu ɗauki c = 0.1, b = 0.5, da kwana 100 ga wanda bai sha magani ba, wato r = 0.01.

```
R0 = 8.9 × 0.5 × 0.1 × 100 ≈ 45
```

Wani zai yi lissafi da waɗannan alƙaluma ya ce R0 ɗinsa 6.7 ce. Bai yi kuskure ba. Akwai masu lissafin da suke ƙirga tsallake ɗaya kawai, daga mutum zuwa sauro ko daga sauro zuwa mutum, sai lambarsu ta zama tushen ninki na tamu: 6.7 × 6.7 ≈ 45. Duka biyun suna haɗuwa a 1, amma kafin a kwatanta rahotanni biyu a duba wanne kowa ya yi amfani da shi.

Yadda ake gwada matakan yaƙi da cutar

A canza harafi ɗaya, a bar sauran. In aka kashe tsutsotsin sauro a ruwa har m ta ragu da rabi, R0 ta sauko 22. In aka rage a da rabi, yawan sauro bai canza ba, R0 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato 11. Magani da wuri da ya mayar da kwana 100 zuwa 20 zai mai da ita 9.

Yanzu a taɓa p. A ce feshin bango ya saukar da ita daga 0.9 zuwa 0.8. A ido ƙaramin sauyi ne. Amma 0.8^11 = 0.086, kwanakin da suka rage wa sauro kuma sun koma 4.5, sai C ta zama 1.2, R0 ta faɗo ƙasa da 6. A 0.7, C ta zama 0.17, R0 kuma 0.8, cuta ta kasa riƙe kanta. Ko ba a lissafa raguwar yawan sauron da ke biyo baya ba ke nan. Wannan shi ne abin da Macdonald ya nuna, kuma a kansa aka dogara wajen feshin DDT a ɗakuna a shirin kawar da maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1955. Gidan sauro mai magani yana dukan a da p da m lokaci guda.

Inda lissafin yake ɓaci

Ƙarfin da p take da shi a kan amsa shi ne kuma rauninta. Da cikin sauro 200 ɗin nan 132 aka samu sun taɓa saka ƙwai maimakon 146, p za ta zama 0.87, C ta sauko 4.7. Bambancin sauro 14 ya kusa raba amsa biyu, kuma irin wannan bambanci sa'ar kamu kaɗai tana iya kawo shi. Don haka kada a kafa p a kan sauro talatin ko arba'in, kuma a ba da amsa tsakanin iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama.

Hanyar jakar ƙwai tana aiki ne in yawan sauro yana tsaye. Lokacin da sababbi suke ƙyanƙyashewa da yawa, waɗanda ba su taɓa saka ƙwai ba sun cika tarko, sai p ta fito ƙasa da gaskiya. Lokacin da ƙyanƙyasa ta tsaya tsofaffi ne suka rage, sai ta fito sama. Alamar ita ce kason ya riƙa sauka daidai makon da yawan kamu yake hawa. Maganin shi ne a haɗa kamun makonni da dama kafin a lissafa.

Kwanakin zagayen shan jini ma ba abin zato ba ne, domin sun shiga a da p duka. Da kwana 2 muka sa maimakon 3, a za ta hau 0.45, p ta sauka 0.85, C ta zama 5. Haka zafi: a 20, n ta kai kwana 28, C ta koma 1.5 da sauro iri ɗaya. Zafin da ya dace a sa shi ne na inda sauron yake hutawa, wanda sau da yawa ya bambanta da na tashar auna yanayi.

In jinsin sauro biyu ne suke yaɗa cutar a wuri ɗaya, a lissafa C na kowanne daban sannan a tara, kada a gauraya su tun a tarko. Akwai kuma zato biyu da tsarin ya ginu a kansu. Ya ɗauka tsohon sauro da sabo damar mutuwarsu ɗaya ce, alhali tsufa yana ƙara ta, wanda ke sa C ta kumbura. Ya kuma ɗauka yawan cizon da kowa yake sha daidai yake, alhali wasu tsirarun mutane ne suke shan mafi yawa, kuma wannan yana ɗaga R0 ta gaskiya sama da abin da matsakaici ya nuna. Saboda haka in lissafi ya ba da 0.8, a sake yin sa da cizon gidajen da suka fi shan sauro kafin a ce yaɗuwa ta tsaya.