Kurakuran da aka fi yi wajen taƙaita littafin wasan kwaikwayo

Idan aka ce ka taƙaita wasa, abu uku ake nema: yadda aka karkasa shi, rikicin da ke jan labarin, da inda aka ƙare. Bari mu gwada da The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, wanda aka fara nunawa a Ibadan a 1959.

Tun daga tsari wasu ke tuntuɓe. Sun saba da Shakespeare mai kashi biyar, sai su laƙaba wa kowane wasa lambobi. Wannan kuwa kashi uku ne, marubucin ya kira su Safiya, Rana da Dare. Bi sunayen da ke cikin littafin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar jigo a matsayin rikici. Ɗalibi zai rubuta "wasan yana nuna karo tsakanin gargajiya da zamani", ya ajiye biro. Wannan jigo ne, bai faɗa mana abin da ya faru ba. Rikici sai da mutane: wa ke son me, kuma me ya tare masa hanya? A ƙauyen Ilujinle, malamin makaranta Lakunle yana son auren Sidi, amma ya ƙi biyan kuɗin aure, wai al'adar duhun kai ce. Sidi ta ce ba za ta zama abin dariya a gari ba. Ana cikin haka hotunanta suka fito a mujalla, kanta ya kumbura, sarkin garin Baroka mai shekara 62 ya aiko uwargidansa Sadiku neman aurenta, ta ƙi. Ka ga yanzu mai karatu ya san inda gizo ke saƙa.

Sai masu ɓoye ƙarshe, kamar masu tallan fim: "ko wa zai same ta?" Taƙaitawa ba talla ba ce, faɗi kawai. Baroka ya shaida wa Sadiku cewa ƙarfin mazakutarsa ya ƙare, da sanin cewa bakinta ba ya riƙe magana. Sidi ta je fada don ta yi masa ba'a, ya shawo kanta da daɗin baki da alƙawarin sa hotonta a jikin kan sarkin aika wasiƙa, ya kwana da ita. Lakunle ya ce zai aure ta a haka ba kuɗin aure, ita kuwa ta zaɓi Baroka.

Hukunci kuma ta ƙofar baya yake shigowa. Ba sai ka ce wasan ya yi kyau ba. "Abin takaici", "tsohon banza", "cikin gwaninta" duk ra'ayinka ne. Soke su. Maimakon "Baroka ya cuce ta", rubuta abin da ya aikata, kamar yadda na yi a sama.