Kurakuran da ake yi wajen neman farashin siminti da rodi a wurin dila

"Salamu alaikum Alhaji, nawa ne siminti da rodi yanzu?" Irin wannan saƙo dilolin kayan gini na Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya suke samu kullum, kuma amsarsa ba ta wuce lamba ɗaya ko biyu. Mai gini sai ya ɗauki lambar ya yi lissafi a kanta, ranar ɗaukar kaya kuma a ce masa ai wancan farashin bakin shago ne, ban da mota, ban da 'yan dako, kuma tun shekaranjiya kaya ya tashi. Dila bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Wanda yake son amsa ɗaya ta yanke magana, shi ne zai rubuta tambayar yadda ba za a ce masa "wane iri?" ko "ina za a kai?" ba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi yana wajen rodi. Mutane suna faɗin kauri kawai, su ce milimita 12, su yi shiru. Cikakken rodi tsawonsa mita 12 ne, kuma mai kaurin milimita 12 nauyinsa ya ɗan haura kilo goma da rabi, saboda haka tan ɗaya yana ba da sanda 93 ko 94. Mai milimita 16 kuwa sanda 52 ko 53 ne a tan, mai milimita 10 kuma wajen 135. To akwai rodin da ake kira sha biyu a kasuwa amma bai cika ba. In kaurinsa na gaskiya milimita 11 ne, tan ɗaya zai ba da sanda kusan 111. Wanda bai sani ba murna zai yi, ya ga kamar gyara aka yi masa, alhali kowace sanda ta rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfen da injiniya ya lissafa wa dekin. In kuma da ɗai-ɗai ka saya, abin yana ɓuya ne a cikin araha: dila ɗaya ya fi wani sauƙi, ba ka san sandarsa ce siririya ba.

Gyaran ba wuya. Ka nemi adadin sanda da kake so, ka rubuta cewa cikakken kauri da cikakken tsawo kake nufi, sannan ka tambayi sanda nawa tan ɗinsa yake bayarwa. Amsar wannan tambaya kaɗai za ta nuna maka irin kayan da yake da shi tun kafin ka je shagon. Kada a manta da wayar ɗauri, domin ita ce kan tsayar da aiki da rana tsaka a tashi yaro a babur zuwa kasuwa.

Siminti ya fi sauƙi, tunda buhu kilo 50 ne a ko'ina. Amma ka ambaci kamfanin, Dangote ne ko BUA ko Ashaka, da lambar ƙarfin da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5. In injiniyanka ya ce 42.5 za a zuba dekin da shi, ka rubuta haka, ka ƙara da cewa sabon sauka kake so. Simintin da ya daɗe a sito, musamman da damina, yakan fara dunƙulewa.

Akwai masu ɓoye adadi, wai kada dila ya ga suna da kuɗi ya tsawwala. A ganina wannan dabara kanta take cuta. Farashin buhu goma daban yake da na buhu 150, kuma wanda zai ɗauki tirela guda mai buhu 600 wani farashin ake ba shi. In ka ɓoye, farashin ɗai-ɗai za a faɗa maka, ka dawo kana neman ragi, magana ta koma farko. Haka nan ba a san motar da za a nema ba sai an san nauyi: buhu 150 tan bakwai da rabi ne, ba kayan a-kori-kura ba ne a sawu ɗaya.

Sai maganar kai kaya, inda aka fi samun saɓani. "A kawo Zariya" ba adireshi ba ne. Kai kaya Samaru ko Shika daban yake da Danmagaji, kuma cikin birni wani abu ne na kansa, domin akwai lungunan da babbar mota ba ta shiga, sai dai a tsaya a bakin titi a kwashe da kura ko baro. Wannan kwasar kuɗi ce, kuma in ba a faɗa tun farko ba, direba zai tsaya ya ce nan yarjejeniyarsa ta ƙare. Ka faɗi unguwa da wata alama da kowa ya sani, ka faɗi ko mota tana isa bakin fili, ka faɗi ko hanyar tana caɓewa in an yi ruwa. Sannan ka nemi a haɗa lodi da kuɗin mota da saukewa a cikin jimilla ɗaya.

Ga abin da ya sa jimillar ta fi farashin buhu amfani. A ce wani dila ya fi wani sauƙi da naira 200 a buhu. A buhu 150, ribarka naira 30,000 ce. In na farkon farashin bakin shago ya ba ka, na biyun kuma har saukewa, to sai ka tambayi kanka ko naira 30,000 za ta biya mota da 'yan dakon lodi da na saukewa. Lissafin ya fi tsanani in daga Kano ko Kaduna kayan zai taso. In ba a kan sharaɗi ɗaya diloli suka ba ka farashi ba, babu abin da za ka kwatanta.

Mutane da yawa kuma ba sa tambayar kwana nawa farashin zai tsaya. Kayan gini na iya motsawa cikin mako guda, saboda haka ka nemi ranar da farashin zai daina aiki, da nawa ne kafin alƙalami, da ko biyansa yana riƙe farashin. In makaranta ce ko kamfani ke saye, a tambaya ko an haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuma a nemi takarda mai sunan shago da lambar asusun da ta dace da sunan.

Ga yadda saƙon zai kasance in an haɗa komai:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji. Ina neman farashi a rubuce: siminti 42.5 na Dangote ko BUA, sabon sauka, buhu 150. Rodi milimita 12 cikakke mai tsawon mita 12, sanda 190. Milimita 16, sanda 40. Wayar ɗauri nadi ɗaya. A faɗa mini sanda nawa ne a tan. Za a sauke a Hanwa ranar Asabar mai zuwa da safe, babbar mota tana isa bakin fili. Don Allah a rubuta farashin kowanne daban, sai jimilla da ta haɗa lodi da mota da saukewa. Zuwa yaushe farashin zai tsaya, kuma nawa ne kafin alƙalami? Allah ya ƙara wa kasuwa albarka."

Saƙo ɗaya za ka tura wa diloli biyu ko uku, ba tare da canza komai ba. In wani ya kira ka a waya ya faɗa da baki, ka gode masa, ka roƙe shi ya turo a rubuce ko da ta WhatsApp ne. In ya tsallake wani abu, galibi adadin sanda a tan ko kuɗin saukewa, shi kaɗai za ka sake tambaya kafin ka tura ko kwabo.